An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nazarin Giɓi a Sashen Sha-ka-tafi

Duk asibitin da ya san abin da yake yi yakan zauna lokaci-lokaci ya gwada inda aikinsa yake da inda ya kamata ya kai. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ake kira giɓi, aikin auna ta da neman musabbabinta kuma shi ne nazarin giɓi. A sashen sha-ka-tafi, wato inda marar lafiya yake zuwa a duba shi ya koma gida a ranar, wannan nazari ya zama al'ada, har ya kai ga ana iya sanin ƙarshensa tun kafin a buɗe shafin farko. Rahoton zai ce likitoci sun yi kaɗan, ɗakuna sun yi kaɗan, kuɗi bai isa ba. Sai a sa hannu, a aika wa ma'aikatar lafiya, a koma jiran amsa. Jama'a kuwa suna nan a kan benci tun asuba.

Babu mai musun cewa asibitocin gunduma a Nijar da maƙwabtanta suna fama da ƙarancin ma'aikata. Abin ƙi shi ne a mai da wannan gaskiya mafaka, a riƙa rubuta ta a madadin awo. Nazarin da bai bi marar lafiya daga ƙofa zuwa gaban likita da agogo a hannu ba, bai cancanci sunansa ba, domin mafi girman giɓin wannan sashe yana cikin yadda sa'o'in safiya suke tafiya, kuma kaso mai yawa daga cikinsa asibiti yana iya toshe shi da hannun da yake da su.

Tun a 1966 masanin ingancin aikin lafiya Avedis Donabedian ya raba awon asibiti gida uku: kayan aiki da ma'aikatan da ake da su, yadda aikin yake gudana, da sakamakon da marar lafiya ya samu. Rahotannin ofis sun fi son na farko saboda shi ne mai sauƙin ƙirgawa, kuma laifinsa kullum yana wuyan wani na sama. Na biyu shi ne mai tona asiri, shi ya sa ake kauce masa.

Asibitin misali

A ɗauki wani asibitin gunduma a matsayin misali. Lambobin da ke tafe an tsara su ne don lissafi ya fito sarai, amma duk wanda ya taɓa kai ɗansa asibiti zai gane siffar wurin.

Sashen yana karɓar mutum 120 a rana. Daga cikinsu, 90 suna isowa tsakanin ƙarfe 6:30 da 8:30 na safe, domin kowa ya san wanda ya makara zai yini. Sauran 30 suna shigowa jefi-jefi har zuwa ƙarfe 12:00. Tagar kati tana buɗewa ƙarfe 8:00, magatakarda ɗaya ne a cikinta, kuma yana cin minti 3 a kan kowane mutum, wato mutum 20 a awa. Masu duba marasa lafiya huɗu ne, likitoci da manyan ma'aikatan jinya, kowannensu yana cin minti 10 a kan mutum ɗaya, saboda haka su huɗun suna duba mutum 24 a awa. Sai dai ba sa zama a ɗakunan dubawa sai ƙarfe 9:30, bayan taron safe da zagayen ɗakunan masu kwanciya.

Hukumar asibitin ta sa wa kanta mizani: cikin kowane mutum goma, tara su ga mai dubawa kafin awa biyu ta cika. Rahoton ƙarshen wata kuma ya ce matsakaicin jira awa ɗaya ne, don haka an wuce mizani, abin da ya rage kawai shi ne a ƙaro likita na biyar a rage cunkoso.

Rahoton bai ƙirƙiri lambarsa ba. Lokacin da aka rubuta a kati shi ne lokacin da magatakarda ya yanke shi. Mutum na farko ya karɓi kati ƙarfe 8:00 da 'yan mintoci, ya ga likita 9:30, awa ɗaya da rabi ke nan. Na ƙarshe ya karɓi nasa ƙarfe 2:00 na rana, aka duba shi wajen 2:30, rabin awa ke nan. Idan aka haɗa aka raba, awa ɗaya za ta fito. Ƙaryar tana cikin inda aka fara ƙirga. Agogon asibiti ya fara bugawa a taga, alhali jiran marar lafiya ya fara tun daga bakin ƙofa.

A sake lissafin daga ƙofa. Matar da ta iso ƙarfe 6:30 ba ta ga kowa ba sai 9:30, awa uku cur. Mutum na 90, wanda ya iso 8:30, katinsa bai fito ba sai 12:30, domin akwai mutum 89 a gabansa kuma kowanne minti 3 ne. Ya shiga ɗakin dubawa wajen ƙarfe 1:15, bayan awa huɗu da minti 45. Wanda ya iso ƙarfe 12:00, shi ne mafi sa'a a ranar, amma shi ma sai da ya yi awa biyu da rabi. Ashe a cikin mutum 120 babu ko ɗaya da aka duba cikin awa biyu. Mizani yana cewa kashi 90 cikin ɗari, aiki yana nuna sifiri, rahoto kuwa yana cewa an ci nasara. Wannan shi ne giɓin, kuma babu yadda za a gan shi daga kan tebur.

Likita na biyar da tagar kati

Yanzu a gwada maganin da rahoton ya nema. A ce ma'aikata ta amsa, ta turo likita na biyar, shi ma ya fara ƙarfe 9:30 kamar sauran. Ɗakunan dubawa za su iya ɗaukar mutum 30 a awa, mutum na 90 zai shiga wajen ƙarfe 12:30 maimakon 1:15. An rage masa minti 45, ya yi jiran awa huɗu. A ƙara na shida, a ƙara na goma, ba zai motsa daga nan ba, domin katinsa ba ya fitowa kafin 12:30. Sababbin likitocin za su zauna suna kallon ƙofa, suna jiran taga ta sako musu mutum ɗaya duk bayan minti 3.

Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce. Layin da yake bi ta matakai da yawa ba ya wuce saurin mataki mafi ƙunci, kamar yadda tulu ba ya zubar da ruwa fiye da faɗin wuyansa. A wannan asibiti wuyan shi ne taga mai sakin mutum 20 a awa, ga kuma awa ɗaya da rabi da ɗakunan dubawa suke a rufe bayan an fara yanka kati. Wanda ya nemi ƙarin likita bai taɓa waɗannan biyu ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Yadda ake awon gaskiya

Aikin ba ya bukatar na'ura mai kwakwalwa. Ana bukatar ƙananan takardu, agogo ɗaya da kowa zai daidaita nasa da shi, da mutum ɗaya a bakin ƙofa tun kafin marar lafiya na farko ya iso. Shi zai ba kowa takarda mai lamba, ya rubuta lokacin isowa. Magatakarda ya rubuta lokacin da ya ba da kati, mai dubawa ya rubuta lokacin shiga da na fita, haka mai gwajin jini da mai ba da magani, sannan a karɓe takardar a ƙofar fita. Takardun da ba su dawo ba kada a yi watsi da lambobinsu, domin yawancinsu na mutanen da suka gaji da jira ne suka tafi kemis ko wajen mai magani a kasuwa. Adadinsu ma awo ne, kuma shi ne wanda rajistar asibiti ba ta taɓa nunawa, tun da rajista ba ta san kowa ba sai wanda aka duba.

A yi wannan mako guda cif, domin Litinin da ranar kasuwar garin ba sa kama da sauran ranaku. A kuma yi shi sau biyu a shekara. A ƙasashen Maraɗi da Damagaram zazzaɓin cizon sauro yana tsananta ne a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, lokacin da ɗakunan jira suke cika da yara. Nazarin da aka yi a watan Maris kaɗai zai ba da hoton asibitin da babu shi a watan Oktoba.

Idan takardu suka taru, kada a tsaya ga matsakaici. A jera lokutan jira daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo, a ƙirga mutum nawa ne suka shiga cikin mizani, a kuma duba abin da ya sami goman ƙarshe. Matsakaici yana haɗa wanda ya san wani a ciki aka shigar da shi nan take da tsohuwar da ta yini, ya fitar da lambar da babu wanda ya ɗanɗana ta a cikinsu.

Layi ba ya sanin mai mutuwa

Akwai giɓi na biyu da ya fi na farko haɗari. Layi yana bin wanda ya riga zuwa, ciwo kuwa ba ya bin wannan tsari. Yaron da ke goye a bayan uwarsa, wanda gudawa ta tsotse ruwan jikinsa, yana iya zama na 70 a layi, kuma shirun da ya yi shi ne alamar haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin tantance yara a ƙofar asibiti wanda ya raba su gida uku. Na farko su ne masu alamun gaggawa, kamar toshewar numfashi ko tsananin wahalarsa, jijjiga, suma, sanyin hannuwa tare da raunin bugun jini, da bushewar jiki mai tsanani. Waɗannan ana fara yi musu magani nan take, kati ya biyo baya. Na biyu su ne waɗanda za a gabatar a layi, kamar jaririn da bai kai wata biyu ba, mai zazzaɓi mai zafi ƙwarai, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, mai kumburin ƙafafu biyu, wanda ya ƙone ko ya sha guba. Na uku su ne masu iya jira. Ma'aikacin jinyar da ya ƙware yana rarrabe yaro a ƙasa da minti ɗaya.

Saboda haka mizani ɗaya bai isa ba. Dole a sami na biyu: minti nawa ne tsakanin shigowar yaro da lokacin da idon ma'aikacin lafiya ya sauka a kansa. A asibitin misali, inda babu mai tantancewa, amsar ita ce awa biyu da rabi zuwa kusan biyar. Idan asibitin ya sa wa kansa minti 15, giɓin ya fito fili, kuma toshe shi ma'aikacin jinya ɗaya yake bukata a bakin ƙofa daga ƙarfe 6:30.

Matakan aiki

Mataki na farko shi ne wannan tantancewa, domin shi ne ya shafi rai kai tsaye. A sa sunan wanda zai tsaya kowace safiya a jadawalin mako, a ba shi ma'aunin zafin jiki da ikon wucewa da yaro ba tare da kati ba. Idan mai gadi yana iya mayar da shi, tsarin ya mutu tun a ranar farko.

Mataki na biyu, a buɗe tagar kati ƙarfe 7:00, magatakarda ya tashi aiki awa ɗaya kafin lokacin da ya saba. Kafin 8:00 ya yanke kati 20, kafin 9:30 ya yanke 50, ke nan taga ta daina riƙe kowa.

Mataki na uku, a raba masu dubawa biyu. Mutum biyu su zauna a ɗakunansu ƙarfe 8:00, biyun su yi zagayen masu kwanciya su iso 9:30, a riƙa karɓa-karɓa mako-mako don kada nauyi ya tsaya a kan wasu. Masu kwanciya ba su rasa kowa ba, sashen sha-ka-tafi kuma ya sami mutum 18 da aka duba kafin lokacin da a da ake buɗe ƙofa.

Mataki na huɗu, a cire masu dawowa daga turmutsutsun safe. A ce takardun awo sun nuna cewa 30 daga cikin 90 na safe masu hawan jini ne da ciwon sukari da sauran waɗanda aka ce su dawo. A rubuta musu lokaci daga ƙarfe 12:30 zuwa gaba, a fitar da katunansu tun yammacin jiya. Masu sammako sun koma 60.

Ga abin da lissafi ya bayar. Wanda ya iso 8:30 yanzu shi ne na 60. An duba 18 kafin 9:30, saura 42, su kuma a kan mutum 24 a awa suna cin awa ɗaya da minti 45. Zai shiga ƙarfe 11:15, jiransa ya sauko daga awa huɗu da minti 45 zuwa awa biyu da minti 45. Waɗanda ake dubawa cikin awa biyu sun tashi daga sifiri zuwa kimanin rabi, kuma aikin ranar yana ƙarewa wajen 1:45 maimakon 2:30. Ba a ɗauki sabon ma'aikaci ba, ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Har yanzu ba a kai mizani ba, kuma a nan ne neman likita na biyar ya zama magana mai hujja. Idan ya zo ya fara ƙarfe 8:00, mutum uku za su duba 27 kafin 9:30, su biyar kuma su gama sauran 33 cikin awa ɗaya da minti 6. Mutum na 60 zai shiga wajen 10:36, jiransa awa biyu da 'yan mintoci. Shugaban asibitin da ya je ma'aikata da wannan takarda yana iya nuna abin da ya gyara da kansa, da abin da ya rage, da abin da mutum ɗaya zai ƙara. Wanda ya je da jimlar nan ta cewa ma'aikata sun yi kaɗan, ya faɗi abin da kowane asibiti yake faɗi ne, babu dalilin da zai sa a saurare shi kafin sauran.

Kowane mataki sai an rubuta masa suna, da ranar farawa, da ranar sake awo. Matakin da aka ɗora wa kwamiti, ba a ɗora wa kowa ba.

Abin da masu suka za su ce

Za a ce mutanen karkara ba sa bin lokacin da aka rubuta musu. Akwai gaskiya a ciki: wanda motar ƙauyensu sau ɗaya take fita da asuba ba zai iya zuwa 12:30 ba, don haka da mazauna gari ake fara wannan tsari. Amma sammakon da jama'a suke yi darasi ne da asibiti ya koya musu. Ranar da mai alƙawarin 12:30 ya zo aka ce ya koma ƙarshen layi, gobe zai zo da asuba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa. Alƙawarin yana rayuwa ne idan asibiti ya riga cika nasa.

Za a kuma ce akwai giɓin da ya fi ƙarfin sashe. Haka ne. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, kuma jinkirin da gwamnati take yi wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya sha barin ɗakunan magani babu kaya. Buɗe taga ƙarfe 7:00 ba zai kawo magani ba. Abin da wannan yake wajabtawa shi ne rahoto ya raba giɓinsa biyu, wanda ke hannun asibiti da wanda ke hannun na sama, kada girman na biyu ya zama uzurin barin na farko.

Haɗari na ƙarshe yana zuwa ne daga nasarar kanta. Da zarar an fara auna jira, hanya mafi sauƙi ta gyara lamba ita ce a gaggauta dubawa, minti 10 ya koma 4, a rubuta magani ba a ɗaga rigar yaro ba. Ana gane haka ta hanyoyi biyu: lokacin shiga da fita a takardun awo zai ragu, kuma waɗanda suke dawowa da ciwo ɗaya cikin kwana uku za su ƙaru. Wata dabarar ita ce a rufe ƙofar waje, a bar mutane a titi, a fara rubuta lokaci sai sun shigo. Maganinta shi ne wanda ke rubuta lokacin isowa kada ya kasance a ƙarƙashin shugaban sashen da ake aunawa. Idan jira ya ragu alhali takardun da ba su dawo ba sun ƙaru, to ba a gyara komai ba, an dai kori masu jiran ne.

Saboda haka duk rahoton nazarin giɓi da aka ajiye a gaban hukumar asibiti, a yi masa tambaya uku kafin a karanta shawarwarinsa. Daga ina aka fara ƙirga lokaci? Mutum nawa ne suka tafi ba a duba su ba? Wane mataki ne mafi ƙunci, kuma mutum nawa yake saki a awa? Rahoton da ya kasa amsa su a mayar wa marubucinsa, a haɗa masa da takardun awo, a ce ya kasance a bakin ƙofa ranar Litinin ƙarfe 6:30.